Kafin ka saida waya: abin da ake fara cirewa da abin da ake bari sai ƙarshe

Yawancin mutanenmu in za su saida waya abin da sukeyi bai wuce su shiga wajen hotuna su zaɓe duka su goge, su cire WhatsApp da Facebook, su share saƙonnin alat na banki, shikenan wai an wanke waya. Wasu ma ko wannan ba su yi, a tsaye gaban teburin ɗan kasuwa za su zare layi su miƙa mishi wayar su ce "kai dai ka yi mata fulashin", su karɓi kuɗinsu su hau kabu-kabu su wuce. To duka biyun akwai gyara, kuma gyaran ba wai wani ilimi mai zurfi yake so ba, jeri ne kawai, wane abu ke gaba wane ke baya. In ka juya jerin ko dai ka bar sirrinka hannun baƙo, ko ka kulle kanka waje daga asusunka, ko kuma ka saida ma bawan Allah wayar da ba za ta buɗu ba ya biyo ka har gida.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe don maganar ta zamna. A ce kai ne a Mabera, kana da Tecno ko Infinix da ta shekara biyu hannunka, layi biyu a ciki, memori mai 32GB, manhajar banki guda biyu, WhatsApp cike da guruf na 'yan uwa da na kasuwa, kuma gobe kana son shiga kasuwar 'yan waya ka bada ita ka yi ciko ka ɗauko sabuwa.

Aikin daga daren yau yake farawa, kuma abu na farko ba gogewa ba ne, tambaya ce: shin ka san imel ɗin Google da ke kan wayar, ka san fasuwod ɗinshi? Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, don ranar da anka sayi wayar yaron shago ne ya buɗe imel ɗin cikin sauri, ya sa wani fasuwod da shi kanshi ya manta kafin la'asar. Shekara biyu waya na aiki lafiya lau ba wanda ya tambaye ka, to yanzu za a tambaya. Ka buɗe Chrome ka shiga myaccount.google.com ka gwada shiga da hannunka. In ka manta, ka sake sabon fasuwod tun wayar tana hannunka da layinka a ciki, don ita wagga wayar ita ce shaidar da Google ke dubawa ya yarda kai ne mai asusun, ko ya turo lamba ta saƙo ko ya tambaye ka a fuskar wayar. Sai dai ka lura, Google da kanshi ya ce wanda ya canza fasuwod ya jira awa 24 kafin ya wanke waya. Kenan in yau da dare ka canza, kasuwar gobe da safe ta ɗaga zuwa jibi, haƙuri za ka yi.

Da ka tabbatar asusun na hannunka sai kwasar kaya. Lambobin mutane wuri uku suke iya zama, kan layi, cikin ita wayar, ko cikin asusun Google, kuma na cikin waya su ne ke tafiya da wanki ba dawowa. Hanyar ganewa mai sauƙi ka buɗe contacts.google.com ka ga ko lambobinka suna can, in ka ga guda ashirin alhali kana da ɗari biyar to sauran cikin waya suke, ka shiga Contacts ka nemi Import/Export ka maida su Google. Hotuna kuma ko ka tura ma kwamfuta ko wata wayar, ko Google Photos in kana da datar. Kar ka manta da ɓoyayyen wuri, irin XHide na Infinix ko Secure Folder na Samsung, mutum ya ɓoye takardun fili da hoton iyali a can har ya manta da su, sai bayan an wanke ya tuna.

WhatsApp na son a ɗan tsaya kanshi. Ka shiga nan ka danna Back up ka jira har ya gama, ka duba kwanan wata da ya nuna na yau ne:

```
WhatsApp > Settings > Chats > Chat backup > Back up
```

Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp cikin wannan 15GB ɗin take ci, so in hotuna sun riga sun cika wurin ajiyar za ta tsaya a hanya kai kana ganin kamar ta yi. Cire alamar Include videos yakan rage nauyin sosai, yawanci bidiyoyin biki da wa'azin da anka turo a guruf ne ke cinye wurin. Sannan don Allah kar ka danna Delete account da sunan kana fita daga WhatsApp. Wancan maɓallin ba fita ba ne, rushe asusun ne gaba ɗaya, zai fidda ka daga duk guruf ɗinka ya kuma goge ajiyar da ka yi yanzu a Google. Abin da ake so kawai ka sa layinka a sabuwar waya ka yi rijista, da zarar lambar ta hau can, ta tsohuwar wayar ta fita da kanta. In ka taɓa sa lambar sirri mai guda 6 ta Two-step verification ka tabbata kana tune da ita, za a tambaye ka.

Manhajar banki kuma, cire ta daga fuskar waya bai nufin banki ya san ka rabu da wayar. Da yawansu suna ɗaure asusu da waya guda, sai ka je sabuwa su ce sai an tabbatar da kai, wasu ta lambar da za su turo ma layinka, wasu ta hoton fuska, wasu sai ka taka zuwa reshe. Shi ya sa in da hali, ka hau da su kan sabuwar wayar tun tsohuwar na nan a kunne. Masu Google Authenticator, wato manhajar nan mai fiddo lamba 6 tana canzawa duk daƙiƙa 30, musamman 'yan kirifto, ku ne kunka fi kowa shiga haɗari, ku shiga Transfer accounts ku kwashe zuwa sabuwar waya ku gwada ta yi aiki kafin ku taɓa komai. Wanda ke yin musanya a kasuwa ya zamna nan kan bencin shagon ya yi wannan duka, ɗan kasuwa zai ce "Alhaji mi kaka jira, kawo in gama maka yanzu", ka ce mishi ya yi haƙuri minti talatin. Wayar taka ce har sai ka miƙa.

Yanzu mun zo kan ainihin abin da ya sa na ce jeri ne. Tun Android 5.1 a 2015 Google ya sa wani makulli a wayoyi don maganin ɓarayi, masu gyara na ce mishi FRP. Yadda yake aiki, in akwai asusun Google a kan waya sai wani ya wanke ta ta bayan gida, wato ya kashe ta ya danne maɓallin wuta da na ƙara sauti ya shiga Recovery ya goge ta daga can, to wayar za ta ɗauka sace ta anka yi. Komai na ciki zai goge, amma in ta tashi za ta tsaya ta ce sai an sa fin ɗin da ke kanta da, ko imel da fasuwod na mai ita na farko. Turancin da take rubutawa kusan haka yake:

```
This device was reset. To continue, sign in with a Google Account
that was previously synced on this device.
```

Kuma wannan hanyar ta Recovery ita ce mafi yawan yaran shago ke bi in ka ce su yi maka fulashin, don ba ta buƙatar su tambaye ka fin. Sakamakon shi ne wayar ta tafi hannun wani mutum a Illela ko Tambuwal, ya kunna ta ƙi wucewa, a dawo da ita shago, shago ya kira ka, a ce ka turo imel da fasuwod ɗinka ta waya "a buɗe kawai". In ka tura ka ba baƙo makullin hotunanka da lambobinka da ajiyar WhatsApp ɗinka da duk fasuwod ɗin da Chrome ya adana maka. In ka ƙi turawa a ce ka saida kayan matsala, ko ma a fara yi maka kallon wanda ya saida wayar sata. Akwai masu tsallake makullin da kwamfuta ana biyansu, amma sababbin wayoyi, musamman daga Android 15, abin ya yi wuya sosai, kuma kuɗin aikin daga cikin kuɗin wayarka za a zabge.

Maganin duk wannan bai kai minti biyu ba. Kafin wanki ka cire asusun da hannunka. Sunan wurin na bambanta daga waya zuwa waya, wata ta rubuta Accounts, wata Users & accounts, wata Passwords & accounts, Samsung kuma Accounts and backup sannan Manage accounts. In ka rasa, rubuta Accounts a wurin bincike na saman Settings. Ka danna imel ɗin ka zaɓi Remove account, za ta tambayi fin ɗinka ka sa. In imel uku ne a kai ka cire duka ukun, har da na matarka ko ƙanenka da ya taɓa shiga don ya duba sakamakon jarabawa. Cire asusu daga waya bai goge asusun ba, imel ɗinka na nan lafiya, wayar ce kawai ta rabu da shi. Masu Samsung akwai Samsung account daban, masu Redmi akwai Mi Account ko Xiaomi Account, shi ma yana kulle waya kuma nashi makullin ya fi taurin kai, a fita daga cikinsu su ma. Bayan nan ka cire fin da zanen yatsa ka maida Screen lock zuwa None ko Swipe.

Wani zai ce ai in ta cikin Settings anka yi wankin wayar da kanta tana sakin makullin. Gaskiya ne, akasari haka ne, tunda ta tambaye ka fin ta san kai ne. Amma ni dai ban ga dalilin da zai sa mutum ya dogara da "akasari" a kan abin da minti biyu ke tabbatarwa ba.

Kafin ka danna wankin, kashe wayar ka zaro tiren layi. Nan akwai abu biyu kuma kowane da irin ɓarnarshi.

Layi a Najeriya yanzu ya wuce abin kira. Tun ƙarshen 2020 da gwamnati ta tilasta haɗa layi da NIN, layinka sunanka ne. Wanda ke riƙe da layin da ka yi rijista da shi yana iya danna `*565*0#` BVN ɗinka ta fito mishi, ya danna `*346#` ya nemo NIN ɗinka, lambobin tabbatarwa da banki ke turowa kuma hannunshi za su faɗa, da su ake canza fasuwod a buɗe manhajar bashi a ci da sunanka. Wanke waya kuma ba ya taɓa layi ko kaɗan, lambobi da saƙonnin da ke kan layin suna nan. Wanda aka fi mantawa shi ne layi na biyu, wanda ka saya don garaɓasar data ka daina amfani da shi, kana ganin ba komai a ciki. Ka tuna ko da shi ka buɗe asusun banki shekarun baya, kuma ko babu, duk abin da anka aikata da shi sunanka zai fito. Haka al'adar nan ta saida waya "da layinta" ko a ba yaro kyauta da layin a ciki, ni ban goyi bayanta ba ko ga ɗan uwa, ya je ya yi rijistar nashi. In wayarka mai eSIM ce, wato layin da ba kati, babu abin zarowa, sai ka maida shi sabuwar waya ko ka je ofishin kamfanin layin, sannan lokacin wanki ka zaɓi a goge shi in ta tambaya.

Memori kuma shi ne inda asirin mutane ya fi tonuwa. Na farko wankin waya bai shafe shi ba sai in ka zaɓi hakan da kanka, na biyu ko ka goge ko ka yi mishi fomat abin bai tafi ba. Gogewa a memori kamar mai shago ne ya yage shafin da ya rubuta kayan da ke sito, kayan na nan jibge sai ranar da anka kawo wasu anka ɗora a wurinsu. Akwai manhajojin kwamfuta na kyauta da ke bin memori su tono hotunan da anka goge tun bara, ba sai gwani ba. 'Yan uwa mata ku ji wannan da kyau, hoton da kika ɗauka cikin ɗakinki ba lulluɓi kika goge, in memorin ya bi wayar to yana iya dawowa. Kuɗin da ɗan kasuwa zai ƙara don an bar mishi memori bai taka kara ya karya ba, a cire shi a riƙe. In dole sai an bayar, a yi fomat, a cika shi taf da abin banza kamar dogon bidiyon bango ko na titi, a sake fomat, don sabon abu ya hau kan tsohon.

Sai dai akwai tarko ta ɗaya gefen. In ka taɓa zaɓar Encrypt SD card, ko lokacin da ka sa memorin ka zaɓi a haɗe shi da cikin waya a matsayin Internal storage, to makullin karanta memorin cikin wayar yake. Ka wanke waya makullin ya tafi, memorin na hannunka amma ko ita wayar da kanta ba za ta sake karanta shi ba, sai dai fomat. Gwajin mai sauƙi ne, tun kafin wanki ka sa memorin a wata waya, in hotunan sun buɗe lafiya, in ta ce sai an yi fomat to maida shi tsohuwar wayar ka yi Decrypt ko ka kwashe kayan ta kebul tukuna.

To yanzu ne wanki. Caji ya haura rabi ko ka bar ta a jone, don in ta mutu a tsakiya tana iya maƙalewa kan tambarin kamfani. A Tecno da Infinix da itel yawanci ta System ake shiga, Samsung ta General management:

```
Settings > System > Reset options > Erase all data (factory reset)
Settings > General management > Reset > Factory data reset
```

Ka kula a wurin akwai wasu masu kama da shi, Reset network settings da Reset app preferences da Reset all settings, waɗannan ba su goge hoto ko guda, saitin waya kawai suke maidawa. Wanda ake so shi ne mai cewa Erase all data ko Factory data reset. 'Yan mintuna ne ta kashe kanta ta tashi.

Ana yawan tambaya ko masu gyara na iya dawo da abin da ke cikin wayar bayan wannan. Ya danganta da shekarunta. Wayar da ta fito daga kamfani da Android 10 zuwa sama, wato daga wajen 2019, duk abin da ke cikinta a rikiɗe yake ajiye, sai da makulli ake karanta shi, kuma wanki na lalata makullin, abin da ya rage tarkace ne da ba ya karantuwa. Tsofaffin wayoyi, musamman masu araha na zamanin Android 5 zuwa 8, da yawansu ba su da wannan, su kam ana iya tono wani abu. In irinsu ce gare ka duba Security ko akwai Encrypt phone, ka yi shi tukuna, yakan ɗauki awa guda ko fiye tana jone da caji, sannan ka wanke. In babu, dabarar memori za ka yi mata, wanke, cika ta da bidiyon banza, sake wankewa.

Masu iPhone labarin ɗaya ne suna ne ya bambanta, nasu makullin Activation Lock ya zo tun iOS 7 a 2013, shi ne wanda 'yan kasuwa ke cewa "tana da iCloud", kuma wayar da ke da shi kuɗin kayan gyara kawai ake sayenta. Ka shiga Settings ka danna sunanka a sama ka gangara ƙasa ka yi Sign Out da fasuwod ɗin Apple, sannan General, Transfer or Reset iPhone, Erase All Content and Settings. In Android za ka koma ka kashe iMessage tukuna, in ba haka ba saƙon masu iPhone zai riƙa ɓacewa bai iso ka ba.

Saura gwaji, kuma gaban mai saye ya kamata a yi shi. In wayar ta tashi za ta nuna zaɓen harshe kamar sabuwa, to kar ku tsaya nan, makullin ba a shafin farko yake fitowa ba. Ku haɗa ta da Wi-Fi ko hotspot na wata wayar ku bi matakan. In ta kawo wurin sa imel kuma akwai Skip a ƙasa, ta wanku. In babu Skip tana neman tsohon asusu, ko ka ga ɗan hoton kwaɗo a saman fuskar, makullin na nan, sai ka sa imel ɗinka da hannunka ta buɗe, ka shiga ka cire asusun ka sake wankin ta Settings. In ta shiga ciki ku leƙa Gallery da Messages da Files a ga wayam.

Kafin ka tashi danna `*#06#`, lambar IMEI mai guda 15 za ta fito, biyu in wayar mai layi biyu ce. Ka rubuta ta a takarda da kwanan wata da kuɗin da anka biya da sunan shagon, ku sa hannu ku biyu kowa ya riƙe hoton takardar, don in wayar ta shiga wani hannu anka yi aika-aika da ita, masu bincike ta wannan lambar suke bi kuma layinka ya daɗe yana aiki a kanta. In ka koma gida ka buɗe myaccount.google.com a sabuwar wayar, Security, Your devices, in tsohuwar na cikin jerin ka danna ta ka yi Sign out. Facebook da Instagram su ma suna da irin wannan jerin a ƙarƙashin Where you're logged in, WhatsApp kuma Linked devices, a nan ne wani lokaci za ka tarar da kwamfutar wani shagon buga takardu da ka taɓa shiga ka tura fayil tun watannin baya, ita ma ka fidda ta.